Fuloti da Gubarsa: Wa Zai Biya Kuɗin Kwashe Ƙasar?

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, harkar filaye a garin ta canza kama. Gonakin da ke bakin gari an yanka su fuloti-fuloti, wuraren da a da ake ɗaukarsu bayan gari sun koma tsakiyar unguwa, kuma matsalar tsaro ta ƙara turo mutanen ƙauyuka cikin gari suna neman inda za su kafa gida. Malamin jami'a yana saye, ɗan kasuwa yana saye domin ya gina ɗakunan haya na ɗalibai, ma'aikacin da ke aiki a Abuja yana aiko da kuɗi a saya masa. Haka abin yake a Kurfi, ko da yake bai kai na Dutsin-Ma zafi ba.

Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan ciniki ya san tambayoyin da ake yi. Filin na gado ne, kuma magada duka sun yarda? An taɓa sayar wa wani? Hanya za ta bi ta kansa? Ruwa yana kwanciya da damina? Mai unguwa ya sani? Waɗannan tambayoyi ne masu kyau, amma akwai guda ɗaya da kusan ba a yin ta: me aka yi a kan wannan ƙasa kafin yau? Garejin makanikai, wurin fasa batir, juji, kududdufin da aka cike da shara, tsohon gidan mai, duk suna komawa fuloti da zarar an share su an kafa duwatsun iyaka.

Idan daga baya ta bayyana cewa ƙasar tana ɗauke da guba, dokar Nijeriya ba ta faɗi a sarari wanda zai biya kuɗin tsabtace ta ba. Shirun doka kuwa shi ma hukunci ne, domin a aikace yana ɗora nauyin a kan wanda ya fi kowa rashin laifi, wato mai saye da 'ya'yansa. Gwamnatin Jihar Katsina tana da ikon gyara wannan da kanta, kuma rashin gyarawar zaɓi ne da ya kamata a tuhume ta a kai.

Fuloti ɗaya, lissafi ɗaya

A ɗauki misali. Wani malami ya sayi fuloti mai ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo. Shekaru goma kafin nan mai filin ya ba wani ɗan gwangwan haya, yana sayen matattun batiran mota da na sola, yana fasa su da gatari, yana zubar da ruwan batir a ƙasa, yana narka dalmar a kasko yana sayarwa. Ɗan gwangwan ya tashi, an share wurin, dillali ya kawo mai saye, an rubuta takarda, an ba da la'ada.

Irin wannan fuloti murabba'in mita 465 ne. Idan aka ɗauki fatar ƙasar kawai, zurfin santimita 5, za a sami kimanin kubik mita 23, nauyinsu wajen tan 37. Ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da shi ga ƙasar gidajen zama shi ne miligiram 400 na dalma a kowane kilo na ƙasa, kuma a 2024 ta rage shi zuwa 200. Domin fatar wannan fuloti duka ta kai 400, dalmar da ake buƙata kilo 15 ce kacal. Wannan kuwa bai wuce abin da ke cikin batirin mota biyu ba. Wurin da aka shekara goma ana fasa batir yana iya ninka wannan ma'auni sau da yawa.

Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙone ta, ruwan sama ba ya wanke ta yadda ake zato. Ba ta da wari, ba ta canza launin ƙasa. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida yana kai hannu baki shi ne mai kwasarta, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta fiye da na babba nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Illar takan zo a ɓoye: ƙarancin jini, jinkirin magana, rashin fahimta a makaranta. Iyaye sai su dangana abin da halitta ko shawara, ba wanda zai tuna da ƙasar tsakar gida.

Aikin gyara kuma ba ƙarami ba ne. A wurin da aka riƙa zubar da ruwan batir, dalmar takan nutsa fiye da fata. Idan awo ya nuna sai an kwashe zurfin santimita 30, ƙasar ta kai kubik mita 139. Da tifa mai ɗaukar kubik mita 10, sawu 14 ke nan na fitarwa, da wasu 14 na kawo ƙasa mai kyau. Idan an riga an yi gini, sai an fasa daɓe, an share ƙurar bango da rufi. Sannan ga tambayar da ta fi wuya: ina za a kai gurɓatacciyar ƙasar? Tana buƙatar rami na musamman, nesa da rijiya da rafi, wanda za a rufe a yi masa alama. Mai gidan da ya sa direban tifa ya juye ta a kududdufin unguwa ya kai gubar gidan maƙwabta ne, kuma daga wannan rana shi ma ya shiga sahun masu zubarwa a idon doka.

Akwai hanya mai sauƙin kuɗi, wato a rufe tsakar gidan duka da siminti. Tana aiki muddin ba a taɓa ta ba. Ranar da aka haƙa masai, ko rijiya, ko harsashin sabon ɗaki, gubar ta dawo sarari. Saboda haka rufewa ba ta da amfani mai ɗorewa sai an rubuta a takardar filin cewa akwai abu a ƙarƙashi, domin magada da masu saye na gaba su sani.

Dokar da ta san ɗauri, ba ta san kwasa ba

Malamin nan da ya gano halin da yake ciki, ina zai nufa?

Babbar dokar Nijeriya kan shara mai guba ta samo asali ne daga abin da ya faru a Koko, a tsohuwar Jihar Bendel. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka shigo da dubban ganguna na sharar masana'antu, fiye da tan 3,500, suka jibge a filin wani mutumin garin da suke biya hayar dala 100 a wata. Da abin ya tonu, gwamnatin soja ta matsa wa Italiya lamba har aka kwashe kayan aka mayar. A shekarar 1988 ɗin aka kafa doka mai lamba 42, wadda har yau take aiki. Ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shigo da shara mai cutarwa, ko ya zubar da ita, ko ya yi fataucinta ba bisa izini ba. Ta ce wanda ya zubar shi zai biya diyyar ɓarnar da ta biyo baya. Ta ba minista ikon rufe wurin. Ta kuma ce idan an sami mutum da laifi, filin da aka zuba sharar ya zama na Gwamnatin Tarayya.

An rubuta wannan doka ne da jirgin ruwan Italiya a zuciya, ba a rubuta ta domin fuloti a Dutsin-Ma ba. Ba ta tanadi abin da za a yi idan mai zubarwar ya mutu, ko ya ɓace, ko ba shi da ko sisi ba. Ba ta bambanta mai filin da ya karɓi haya yana sane da mai sayen da ya zo bayan shekara goma bai san komai ba. Mai sayen da ya karanta sashen ƙwace fili zai ga cewa yin shiru ya fi masa alheri da kai rahoto. Dokar da ke koya wa mutane ɓoye guba a gidajensu ta kauce wa manufarta.

Dokar 2007 da ta kafa hukumar NESREA ta hana sakin abubuwa masu haɗari a ƙasa da ruwa da iska, da tarar da ba ta wuce naira miliyan 1 ba ko ɗaurin shekara 5. Manufar muhalli ta ƙasa ta amince da ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. Sai dai waɗannan duka suna kallon wanda ake iya kamawa yana cikin aikin. Babu rajistar gurɓatattun filaye, babu jerin waɗanda nauyi zai hau kansu ɗaya bayan ɗaya, babu asusun da zai ɗauki filin da ya rasa mai laifi. Abin lura shi ne 'yan majalisa sun san yadda ake yin irin wannan tanadi, domin dokar ma'adinai ta 2007 da dokar man fetur ta 2021 duka sun tanadi asusun gyaran muhalli. Filin cikin gari ne aka bari ba mai shi.

Abin da ya rage wa malamin shi ne dokar ciniki da Nijeriya ta gada daga Ingila. A can ƙa'idar ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana ɓoyayyen aibin da ya shafi mallaka, kamar jingina ko haƙƙin wani a kan filin, amma ba a tilasta masa ya faɗi aibin da ke jikin ƙasar ba. Idan an tambaye shi ya yi ƙarya, ana iya kama shi da yaudara. Idan ba a tambaya ba ya yi shiru, ya tsira. Bugu da ƙari, tun shari'ar Sedleigh-Denfield ta 1940, kotunan Ingila suka tabbatar cewa wanda ke riƙe da fili, ya san akwai abin cutarwa a ciki, ya bar shi yana shafar maƙwabci, yana iya ɗaukar alhaki ko da ba shi ya kawo abin ba. Ke nan ranar da malamin ya karɓi sakamakon awo, ranar ce maƙwabcinsa ya sami hujjar kai shi ƙara idan ƙura ko ruwan gidan ya shiga nasa.

Ɗan gwangwan ya ci ribar dalma ya tafi. Mai fili ya ci haya shekara goma, ya kuma karɓi kuɗin fuloti cif kamar lafiyayye. Dillali ya sa la'adarsa aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Darasin Bagega

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da ke faruwa idan ƙasa ta gurɓata kuma ba a san mai biya ba. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Bincike ya nuna dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje yana cike da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. A wasu wuraren an sami dalma fiye da miligiram 100,000 a kilo ɗaya na ƙasa.

Aikin tsabtacewa, wanda kamfanin TerraGraphics ya jagoranta tare da ma'aikatan jihar da mutanen ƙauyukan, shi ne irin wanda aka kwatanta a sama: a auna kowane gida da na'urar hannu, a kankare fatar ƙasa da fartanya da shebur, a zuba a buhuna, a kai rami, a shimfiɗa sabuwar ƙasa. Ƙauyuka bakwai aka gama tsakanin 2010 da 2011, akasari da kuɗin masu ba da agaji na waje. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a ƙarshen 2011, amma kuɗin aikin bai fito ba sai a watan Janairu na 2013, bayan matsin lambar ƙungiyoyi irin su Follow the Money ta Hamzat Lawal. Duk tsawon wannan lokaci likitoci ba su iya fara ba yaran Bagega maganin fitar da dalma ba, domin ba shi da amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa ciwon.

Bagega ba labarin ciniki ba ne, amma ta amsa tambayar. Inda doka ba ta sanya sunan mai biya tun da wuri ba, kowace hukuma takan nuna wata da yatsa, kuma watannin da ake ɓatawa ana gardama yara ne ke biyansu da ƙwaƙwalwarsu. Wannan ma a inda duniya duka ta zuba ido ke nan. Fuloti ɗaya a bayan tasha ba wanda zai yi masa gangami.

Yadda wasu suka raba nauyin

A 1953 kamfanin Hooker ya sayar wa hukumar makarantun Niagara Falls a Amurka wani fili da ake kira Love Canal a kan dala ɗaya. Ya riga ya binne sharar sinadarai kimanin tan 21,000 a ciki, kuma ya rubuta a takardar ciniki cewa ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta. A 1978 aka fara kwashe mazauna. A 1980 majalisar Amurka ta kafa dokar da ta ɗora kuɗin tsabtacewa a kan wanda ya zubar, da wanda ya yi jigila, da wanda ke mallakar filin a yanzu, ko yana da laifi ko ba shi da shi. A 1995 kamfanin Occidental, wanda ya sayi Hooker, ya amince ya biya gwamnatin tarayya dala miliyan 129. Sharaɗin da aka rubuta a takarda bai cece shi ba.

Amma tsananin dokar ya haifar da wata matsala. Mutane suka guji sayen duk filin da aka taɓa yin masana'anta a kai, wurare suka zama kufai a tsakiyar birane. Sai a 1986, sannan a 2002, aka yi gyara: mai sayen da ya gudanar da bincike yadda ya kamata kafin ciniki, kuma bai ƙara ɓarna ba, yana da kariya.

Ingila ta bi wata hanya a tsarin da ya fara aiki a 2000. Nauyi yana fara hawa kan wanda ya jawo gurɓatar ko ya ƙyale ta yana sane. Sai an neme shi an rasa kafin a juyo kan mai filin na yanzu, kuma an ba ƙaramar hukuma damar sassautawa ko yafewa ga mai gidan da ya saya bai sani ba.

Kwafar dokar Amurka ta 1980 yadda take zalunci zai zama a Katsina, domin mai filin yanzu galibi ma'aikaci ne da ya tara albashin shekaru. Abin ɗauka daga ƙasashen biyu abu biyu ne: a jera masu biya bisa kusancinsu da laifi, kuma a saka wa wanda ya yi bincike da kariya.

Fiƙihu ya riga su

Wanda zai ce wannan baƙon tunani ne bai duba littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnoni suna hukunci da su ba. A mazhabar Malikiyya haramun ne mai sayarwa ya ɓoye aibin da ya sani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim ya kasa aibin gida da fili kashi uku. Wanda bai taɓa farashi ba, ba a kula shi. Wanda ya rage wani abu daga farashi, a mayar wa mai saye gwargwadon ragin. Wanda ya ci sulusin farashi ko fiye, mai saye yana da ikon mayar da filin ya karɓi kuɗinsa. Fulotin da ke buƙatar sawun tifa 28 kafin yaro ya zauna a kai ba ya buƙatar doguwar muhawara kan rukunin da ya faɗa.

Wannan ƙa'ida ta fi ta Ingila adalci, amma ita ma tana da iyaka. Tsakanin mai saye da mai sayarwa take aiki. Tana mayar da kuɗi, ba ta kwashe ƙasa, kuma filin da aka mayar ana iya sake sayar wa wani. Mai sayen da ya gano aibi ya ci gaba da amfani da filin ba tare da magana ba, ana iya ɗaukar cewa ya yarda. Duk da haka abin kunya ne a jihar da kowa ya san wannan hukunci daga makarantar zaure, a ce takardun cinikin fili ba su da ko layi ɗaya da ke tambayar tarihin ƙasa.

Ƙofar da gwamna ke tsaye a kai

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 22 ya ce mai takardar mallakar da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 21 kuma ya tanadi amincewar ƙaramar hukuma ga filayen gargajiya. Ma'ana, kowane cinikin da ke son tsayawa a kotu sai ya bi ta ƙofar hukuma. A wannan ƙofa ana duba iyaka, ana ƙiyasta daraja, ana karɓar kuɗi. Mai riƙon amanar da ke karɓar kaso a kowane ciniki amma bai taɓa tambayar ko ƙasar tana kashe yara ba, rabin amanar kawai ya riƙe.

Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin Majalisar Dokokin Katsina ba. Na farko, kowace takardar neman amincewa ta zo da shaidar mai sayarwa, da sa hannun mai unguwa, kan abin da aka yi a filin cikin shekaru 20 da suka wuce. Na biyu, idan amsar ta ƙunshi fasa batir, narka ƙarfe, niƙa dutsen ma'adini, jima, gareji, gidan mai ko juji, sai an yi awo kafin a amince, a kuma shigar da sakamakon cikin kundin filaye na jiha. Na uku, doka ta jera masu biya: wanda ya gurɓata, sai mai filin da ya ba shi wuri yana sane ko ya ɓoye wa mai saye, sai mai sayen da aka faɗa masa ya karɓi ragin farashi a kan haka. Mai sayen da ya tambaya aka yi masa ƙarya ya fita daga jerin. Na huɗu, a ware wani kaso daga kuɗin amincewa da ake karɓa ya zama asusun filayen da suka rasa mai biya, a kuma tanadi rami ɗaya ingantacce da za a riƙa kai gurɓatacciyar ƙasa.

Za a ce wannan zai tsadar da fili. Ga mafi yawan filaye, waɗanda gona ce jiya, ƙarin bai wuce amsa tambaya ɗaya ba. Awo yana hawa kan 'yan kaɗan ne kawai, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sawun tifa 28 ba. Za a ce mai gurɓatawar talaka ne, ba abin da za a samu a hannunsa. Gaskiya ne, kuma dalilin da ya sa mai filin da ya ci haya ya zo na biyu ke nan. Ranar da masu filaye suka san hayar ɗan fasa batir tana iya cinye kuɗin fulotinsu, za su fara tambayar abin da ɗan haya zai yi. Za a ce yawancin ciniki a Dutsin-Ma da Kurfi ba ya kaiwa ofishin gwamna, a zauren mai unguwa da dagaci yake ƙarewa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma amsarta ita ce a sa tambayar a takardar da masu unguwanni ke sa wa hannu. Ba wanda ya fi mai unguwa sanin inda juji yake shekara ashirin da suka wuce. Hakiman Dutsin-Ma da Kurfi suna iya ba da wannan umarni tun kafin majalisa ta zauna.

Kafin doka ta zo

Mai saye na yau ba shi da kariya sai wadda ya gina wa kansa. Ya tambayi tsofaffin maƙwabta, ba dillali kaɗai ba, domin dillali la'adarsa tana rataye da faɗuwar ciniki. Ya zaga filin yana duba ɓaraguzan baƙar robar batir, gurbin murhu, dunƙulen toka mai nauyi, baƙin mai da ya jiƙe ƙasa, ko wurin da ciyawa ta ƙi fitowa alhali kewaye ya yi kore. Rashin waɗannan alamomi ba shaidar lafiya ba ne, tunda tifa biyu ta jar ƙasa tana rufe su duka.

Idan akwai shakka, a yi awo. A raba fulotin gida-gida, a ɗebi ƙasa daga sama da kuma daga zurfi a kowane gida, a ajiye kowane samfuri daban da lambarsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa samfuran duka a leda ɗaya, sai ƙasa mai kyau ta surka mummunar, sakamako ya fito da sauƙi alhali kusurwar da aka yi narka tana cike da guba. Na'urar hannu ta XRF, irin wadda aka yi aiki da ita a Zamfara, tana ba da amsa nan take, amma jiƙaƙƙiyar ƙasa tana sa ta nuna ƙasa da gaskiya, don haka a busar. Sassan nazarin sinadarai na jami'o'i suna iya auna dalma a ƙasa da ruwan rijiya.

Sannan a rubuta. Takardar ciniki ta ƙunshi furucin mai sayarwa kan tarihin filin, da sharaɗin cewa idan ya zama ƙarya zai karɓi filinsa ya mayar da kuɗi ko ya biya kuɗin kwasa. Wannan layi ɗaya yana mayar da shirun da doka ta halatta ya zama ƙaryar da kotu ke hukuntawa. Inda ake jiran sakamakon awo, a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun amintacce har ya fito. Mai sayarwar da ya ƙi sa hannu a kan haka ya riga ya ba da amsa.

Hausawa sun daɗe da cewa ba a cinikin biri a sama. Fulotin da ba a san abin da ke ƙarƙashinsa ba shi ma cinikin biri ne, kuma a wannan karon hukumar da ke buga hatimi a takarda tana daga cikin shaidu.